Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Littafin Ɓarna

A makon jiya na tsaya ne a inda kawuna ya damƙa ni hannun wani Alhaji mai shagon tangaran a kasuwar Sabon Gari, Kano. Ƙa'idar shagon ita ce naira 1,500 a rana, Litinin zuwa Asabar, a biya ka da yammacin Asabar. Abin da ka fasa kuma a shigar da shi wani littafi da muke kira littafin ɓarna.

Babban yaron shago ne ke riƙe da littafin. Ran Asabar ya miƙo mini naira 1,600, ya ce sauran ɓarna ta cinye. Na karɓa jiki a sanyaye, na je na zauna wajen Baba mai gadin layinmu, wanda ya yi yaron shago tun kafin a haife ni.

"Yaro, nawa ne haƙƙinka kafin a taɓa shi?"

Na ce 9,000, Baba.

"Me ka fasa?"

Na ce faranti uku da filas ɗin shayi, sai kuma 1,000 da na ranta ran Laraba. Ya yago kwalin sabulu, ya ba ni biro, ya ce in rubuta da hannuna.

An caje ni faranti a kan 800 kowanne, wato 2,400. Baba ya girgiza kai. Ya ce wannan kuɗin sayarwa ne, har da riba a ciki, kuma a iya saninsa maigida ba ya cin riba a jikin yaronsa. Dozin ɗin 7,200 aka saro shi. Muka raba gida 12, kowane faranti ya tashi 600, uku 1,800 ke nan.

A wajen filas ɗin ne aka fi cuta ta. An rubuta 4,000, kuɗinsa cif. Alhali kwalbar ciki ce kawai ta tarwatse, gangar da murfin ko ƙwarzane babu, kuma a layin baya ana sayar da kwalbar 1,500, a kwance gindin a sa sabuwa. Baba ya ce in kuwa suka dage sai ka biya 4,000, to filas ya zama naka, ka ɗauke shi ka kai wa uwarka.

Na haɗa 1,800 da 1,500 da rancen 1,000, suka ba ni 4,300. Na cire daga 9,000, saura 4,700. Ashe 3,100 ɗina suka maƙale a wancan littafin.

Gabana na faɗuwa na koma shago, na durƙusa gaban Alhaji, na ce, "Ranka ya daɗe, ga wani lissafi a duba mini." Ya sa tabarau ya bi kwalin layi-layi. Bai ce uffan ba, ya buɗe durowa ya ƙirgo cikon ya ba ni. Sai ya aika a kira babban yaron, ya ce ya taho da littafin, har da na watannin baya.

Abin da aka tarar a ciki, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.