Mintocin da kwata ta cinye

Shekara biyu ina akawun albashi a wani kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi. Masu aikin injin da awa ake biyansu, kowa yana dangwala yatsa a na'ura in ya shigo da in zai tashi. Da na ga lissafin mintoci yana cinye mini yini, sai na ce bari in riƙa mayar da kowane lokaci zuwa kwatar awa mafi kusa. Layi ɗaya ne a Excel, inda B2 ke ɗauke da lokacin da na'ura ta rubuta:

```
=MROUND(B2,"0:15")
```

Ka'idar ba ta da wuya. Minti ɗaya zuwa bakwai bayan kwata ana komawa baya, daga takwas kuma a tura gaba. Wato 7:53 ta zama 8:00, haka ma 8:07. A zatona yau ka ci, gobe a ci ka, ƙarshen wata a tashi canjaras.

Wani dattijo mai kula da injin busarwa ne ya farkar da ni. Ranar albashi ya tsaya bakin tebur da ɗan littafinsa na aljihu, duk gefensa ƙurar dusa, ya ce, "Malam akawu, ni fa ban taɓa makara ba, amma takardarka kullum takwas cif take cewa."

Na ce, "Baba, kawo mu gani."

Kusan kullum 7:54 yake shigowa, ya tashi 5:06 bayan ya kashe injin ya share wurin. Lissafina ya yanke masa shida da safe, shida da yamma. Minti 12 a kwana 26 ya kama minti 312, awa biyar ke nan da minti 12. A kan naira 500 kowace awa, naira 2,600 ta salwanta a wata guda, kuma ni kaina ban san na taɓa masa ko sisi ba.

A nan na gane inda gizo ke saƙar. Kwatar tana yi wa ma'aikaci rana in ya makara kaɗan, ko ya tashi kafin lokaci, kamar 4:55. To mu a wurinmu wanda ya wuce takwas da minti ɗaya gargaɗi yake sha, ba kuma mai barin injin kafin biyar. An toshe ɓangaren da zai ci, an bar wanda za a ci shi a buɗe. Ƙofar ma sai 7:53 ake buɗe ta, ga shi sai wanda ya dangwala 7:52 ko kafin nan ake mayar wa 7:45.

Daren nan na jera lokacin na'ura da na kwata gefe da gefe, na fitar da bambancin kowa na wata uku. Da tsarin na adalci ne, da jimillar ta tsaya kusa da sifiri, wasu sama wasu ƙasa. Sai na tarar kusan kowa a ƙasa yake, ban da wasu samari biyu da aka sani da makara.

Na kai wa manaja takardar. Ya amince a koma biyan minti da minti, na baya kuwa ya ce wata ɗaya kaɗai zai cika. Baba ya karɓi 2,600 ɗinsa, ya rubuta a littafin.