Markaɗen kayan miya: kwana nawa yake yi a firji kafin ya juya?

Lokacin sanyi ne, tumatirin rani ya cika Kasuwar 'Yankaba har masu kaya na roƙon a saya. Na ɗauko kwano huɗu na tumatir, kwano ɗaya na tattasai, rabin kwano na attaruhu da albasa manya guda biyar. Na wanke, na aika yaro inji, aka dawo mini da markaɗe cike da babban bokitin roba. Na rufe shi na tura cikin firji a haka, ina lissafin zai kai ni mako biyu.

Kwana na farko da na biyu lafiya lau. Ran na uku da safe na tarar murfin ya ɗan ɗago. Da na buɗe sai iska ta fita, saman ya yi kumfa, ruwa ya ware gefe, ga wani tsami mai hawa hanci kamar na kunun da ya kwana. Na kira yayata, ta ce, "Ke ma dai, ɗanye kika ajiye? Zubar da shi kawai, kada ki ba yara." Haka na zubar, raina a ɓace, don kuɗin cefanen mako ne.

Abin da na gane daga baya shi ne markaɗe ba ɗaya yake da tumatirin da ba a fasa ba. Da zarar an niƙa, ruwansa da zaƙinsa sun fito fili, ƙwayoyin da ke sa abu ya yi tsami sun samu abinci. Injin unguwa kuma ya niƙa na mutane da yawa kafin naki, ga ruwan da ake ƙarawa, sannan markaɗen kan fito da ɗumi. Babban kuskurena shi ne bokitin: gefensa ya yi sanyi, tsakiyarsa ta daɗe da ɗuminta, ana kuma ɗauke wuta ana kawowa. Firjin da aka ɗauke wa wuta, ko ba a buɗe shi ba, awa 4 kawai yake riƙe sanyin da ya dace.

Yanzu ɗanyen markaɗe ba ya wuce kwana 2 a firjina. Idan ina so ya daɗe, tafasa shi nake yi ranar da aka markaɗo. Ina juye shi a tukunya mai faɗi, ba murfi, ba na ƙara ruwa ko kaɗan. Da farko zai yi ta kumfa yana tasowa, daga baya kumfar ta kwanta, launin ya koma ja sosai, ya fara tsalle yana fallatsa. Nan nake rage wuta ina juyawa don kada ya kama. Wancan adadin yakan ɗauke ni kusan awa ɗaya, ya koma rabi ko ƙasa da haka. Alamar da nake dubawa: in na ja ludayi a gindin tukunya, hanyar takan tsaya na ɗan lokaci kafin ta rufe. Kanwa kuwa ba na sakawa a wannan matakin. Tsamin tumatir na asali yana taimaka masa ya jure ajiya, kanwa kuma kashe shi take yi, don haka sai ranar girki nake jefa 'yar kaɗan.

Ba na barinsa ya kwana a tukunya wai ya huce. Ina baza shi a faranti mai faɗi, kafin awa 2 ya shiga sanyi. Wanda zan yi amfani da shi cikin kwana 3 zuwa 4 ina zuba shi a ƙaramar roba mai murfi, in sa can ciki, nesa da ƙofar firji, kuma da busasshen cokali mai tsabta nake ɗiba. Sauran ina ƙulla shi a leda, kowane ƙulli miya ɗaya, in danne shi ya yi faɗi don ya daskare da wuri, in rubuta kwanan wata. A firizar da ke riƙe ƙanƙara sosai yana kai wata 3 da ɗanɗanonsa, bayan haka ƙamshin attaruhun ya fara gudu.

Wannan wata ukun na mai tsayayyiyar wuta ne. Firiza cike, a rufe, tana riƙe ƙanƙara kusan kwana 2, mai rabin kaya kuwa kwana 1. Idan wuta ta daɗe, nakan matsa ƙullin da hannu. In akwai sauran ƙanƙara a ciki, na bar shi. In ya narke amma yana da sanyi, ranar nake girka shi. Wanda ya narke ya yi ɗumi, ko ledar ta kumbura, ko na ga fumfuna a samansa, ba na kwashe saman in yi amfani da ƙasan, duka nake zubarwa.