Ɗan littafin da na ɗinka wa matata da hannuna

Littafin bai fi tafin hannu ba, shafi 24 ne, kuma gam kaɗai na saya a cikin kayan da suka shiga aikinsa. Lokacin aiki ya tsaya mini, abin da ke shigowa na cefane da haya ne kawai, ga ranar zagayowar aurenmu ta matso. Matata ba ta tambaye ni komai ba, kuma rashin tambayar ne ya fi damuna, domin na san don ta sauƙaƙa mini ta yi shiru.

Haɗa cikin littafin ba shi da wuya. Na ɗauki farar takarda A4 guda 3, na raba kowace biyu, suka zama 6. Na ninke kowace a tsakiya, na danne ninkin da bayan cokali, na cusa su cikin juna, shi ne ya ba ni shafi 24 masu tsawon kusan santimita 15. Na huda rami 3 a kan ninkin da siririyar ƙusa, ɗaya a tsakiya, sauran biyun santimita 2 daga sama da ƙasa. Zaren ya zama ninki uku na tsawon littafin, wato wajen santimita 45, kuma a goga shi a jikin kyandir don kada ya cukurkuɗe ko ƙullin ya kwance. Allura ta shiga ramin tsakiya daga ciki, ta dawo ciki ta ramin sama, ta tsallake tsakiya ta fita ta ramin ƙasa, sannan ta sake shigowa ta tsakiya. Bakin zaren biyu su kewaye dogon ɗinkin, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, a ƙulle a kansa. Bangon ma tare da takardun ake huda shi a ɗinke.

Bangon ne ya so ya kunyata ni. Na yanko kwali marar kauri, na lulluɓe shi da ƙyallen wata tsohuwar rigata da take yawan cewa tana yi mini kyau. Na shafa farin gam, na manna, na ajiye na kwanta. Da safe kwalin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye, ga tabon gam ya ɓullo ta fuskar ƙyallen. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin daga wannan rigar ƙyalle biyu kaɗai za su fita masu kyau, ɗaya kuma ya tafi.

Dalilin ruwan da ke cikin gam ne. Gefen da ya jiƙa yana kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke ya ja kwalin zuwa wajensa. Maganinsa shi ne a manna wa ɗaya gefen takarda shi ma, don jan ya zo daidai ta ɓangarorin biyu. A shafa gam ɗin a jikin kwali, ba a jikin ƙyalle ba, siriri sosai, a dakata har ya fara danƙo kafin a ɗora ƙyallen. Idan ka danna da yatsa ka ga gam ya taso fari a gefe, ya yi yawa. Bayan haka a sa leda sama da ƙasa, a ɗora littattafai masu nauyi, a bar shi ya kwana, sannan a cire ledar a sake danne shi tsakanin busassun takardu har damshin ya fita. In ka taɓa shi da bayan hannu ka ji sanyi, bai bushe ba, kuma in ka ɗinka shi haka damshin zai shiga shafukan ya yamutsa su. Saboda haka duk mai niyyar wannan aiki kada ya bar bango sai daren ƙarshe. Bango ake fara yi, yana bushewa kana tsara kalaman da za ka rubuta.

Rubutun kuwa shi ne ainihin kyautar, kuma a nan na ga abin da ban zata ba. Na fara tsara kalaman a wata takarda daban. Na farko da suka zo mini irin su "ke ce farin cikina" da "ba ni da kamarki" ne. Gaskiya ne duka, amma da na karanta su a jere sai na ga kowane miji zai iya rubuta wa kowace mata su. Sai na sa wa kaina doka: kowane shafi abu ɗaya, kuma sai abin da na gani da idona ko na ji da kunnena, wanda in wani ya karanta ba zai gane dalilin rubuta shi ba.

Ga yadda shafi ɗaya ya canja. Da na rubuta, "Na gode da haƙurinki." Na soke, na rubuta, "Daren da na dawo na ce miki aikin ya tsaya, kin kashe wayarki kin ajiye ta a kife, kin zauna har na gama magana ba ki katse ni ba. Na lura." Wani shafin na ce, "Takalminki ya tsinke, kin gyara shi a ɓoye kin tura shi ƙarƙashin gado don kada in gani in ji nauyi. Na gani." Sauran ba duka masu nauyi ba ne. Akwai na yadda take rera waƙa ƙasa-ƙasa in tana ninke kaya, akwai na wata magana da ta faɗa mini farkon haɗuwarmu wadda ita ta manta. Irin waɗannan ba sa zuwa a zama ɗaya. Takarda na riƙa yawo da ita a aljihu, duk abin da ya faɗo mini in rubuta.

Da biro na yau da kullum na kwafe su, domin tawadar alƙalami mai ruwa tana ratsa siririyar takarda ta ɓata bayan shafin. Na yi rubutun bayan na ɗinke littafin, don in ka rubuta a warwatse jerin shafukan zai rikice maka. Shafi 4 na ƙarshe na bar su fari, na rubuta a saman na farkonsu cewa zan cike su nan gaba.

Ni da bango nake alfahari, bayan duk wahalar da ya ba ni. Ita kuwa ta shafa shi sau ɗaya, ta gane rigar, ta yi murmushi ta buɗe. Da ta kai shafin takalmi sai ta tsaya, ta daɗe ba ta juya ba. Ta ɗago ta ce, "Maigida, ashe ka gani?" Na ce na gani tun ranar. Ta ce ita duk tsawon lokacin nan ta ɗauka damuwar kuɗi ta rufe mini ido, ba na ganin komai a gidan. Wallahi ban san tana ɗauke da wannan tunanin ba, kuma da turare ko zane na iya saya mata, da maganar ba ta fito ba.

Na shirya a raina zan ce mata ta yi haƙuri, bana babu hali. Ban faɗa ba, kuma na gode wa Allah da ban faɗa ba. Da na faɗa, da littafin ya koma madadin wata kyauta da ta gagara, ita kuma dole ta koma lallashina maimakon ta karanta. Na bari sai da gida ya yi shiru, na miƙa mata na ce, "Wannan naki ne, ni na yi shi." A cikin shafuka 4 da na bari na riga na cike biyu, da biron nan dai, kuma ita take kawo mini littafin idan ta ga na daɗe ban ƙara ba.