Kafin a ƙara mini maganin tairod, sai da aka gyara mini lokacin shansa

Ina shan libotairoksin ne saboda tairod ɗina, wato halittar nan da ke gaban wuya, ba ta fitar da isasshen sinadarinta. Nauyina kilo 65, kuma ƙiyasin da likitoci ke bi ga babban mutum mai lafiyayyar zuciya shi ne kimanin maikirogiram 1.6 a kowane kilo, don haka aka tsayar da ni a kan 100 kullum. Na daɗe a haka lafiya lau, gwajin jini na TSH, wanda ake duba aikin tairod da shi, yana fitowa wajen 2.

Wannan gwaji yana rikita mutane da yawa, domin a juye ake karanta shi. Idan lambar ta hau, maganin bai ishi jiki ba; idan ta yi ƙasa sosai, ya yi yawa. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai.

Sai jinina ya yi ƙasa, aka ɗora ni a kan ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ina haɗa su da safe in kora da shayi mai madara. Bayan 'yan watanni kasala ta dawo, ga jin sanyi ko ana zafi, ga taurin bayan gida. Da safe in na saka zobe sai ya maƙale a yatsa saboda kumburi. TSH ya kai 8.

Na ɗauka ƙara mini za a yi nan take. Likitar kuwa ta ajiye biro ta ce, "Malama, faɗa mini yadda kike shansa, tun daga tashinki barci." Da na gama, ta bayyana mini cewa ƙarfe da kalsiyam suna manne wa maganin a cikin hanji, sai ya wuce ba tare da ya shiga jini ba. Ko da cikin mutum babu komai, abin da jiki ke tsotsa bai cika wuce kashi 80 cikin 100 ba, balle an tare masa hanya. Da ta ƙara mini a ranar, in na gama shan ƙarin jinin sai maganin ya yi mini yawa.

Tsarin da na koma shi ne, ina farkawa in haɗiye ƙwayar da ruwa zalla, in jira minti 30 zuwa 60 kafin in ci wani abu. Shayi da kofi suna cikin abin da ake jira, musamman in da madara, don madara cike take da kalsiyam. Ƙwayar ƙarfe, ƙwayar kalsiyam da maganin ƙwannafi kuma sai bayan awa 4. Na mayar da ƙarin jinin can yamma, nesa da shayi, domin shayi yana rage tsotsar ƙarfen shi ma. Jiran nan na safe shi ya fi mini wuya, gaskiya, amma in na yi wanka na shirya a tsakani, lokacin kan cika. Wanda safiya ba ta yi masa ba yana iya sha da dare, awa 3 zuwa 4 bayan abincin ƙarshe, muddin ya tsaya a kan lokaci ɗaya.

Ba a sake gwaji ba sai bayan mako 6 zuwa 8. Dalili kuwa, maganin yana daɗewa a jiki, sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita, saboda haka duk canjin da aka yi ba ya zama daram da wuri. Gwajin gaggawa ɓata jini ne kawai. Nawa ya sauko zuwa 5 da ɗoriya, sannan ne aka ƙara mini 12.5, na koma 112.5. Ƙarin kan kasance 12.5 ko 25 ne a lokaci guda, kuma tsofaffi da masu ciwon zuciya ana fara musu da kaɗan, kamar 25. A gwaji na gaba na dawo ƙasa da 3.

Abin da nake roƙon duk mai shan wannan magani shi ne kada ya ƙara wa kansa don yana jin gajiya. Yawansa yana kawo bugun zuciya da sauri, rawar hannu, zufa da rashin barci, in ya daɗe kuma yana cin ƙashi, yana birkita bugun zuciya. Mace mai shansa in ta samu ciki, ta sanar da likita a makon da ta sani, domin buƙatarta kan ƙaru da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 tun farkon cikin, kuma ƙwayoyin masu ciki da za a ba ta suna ɗauke da ƙarfe, su ma sai an ba su tazarar awa 4.