Tsagar gidan Tudun Wada ta daina motsi

'Yan'uwa masu koyon gini, yau kam baki har kunne. Bangon nan na Tudun Wada da ya hana ni barci ya tsaya cak.

Ɗakin bulo ne. Tsagar ta tashi daga saman kusurwar taga, tana bin layin siminti hawa-hawa kamar matakala, ta nufi kwanar ɗakin ta gabas. Mai gidan liƙi kawai yake so. An liƙe bara, damina na sauka ta sake buɗewa. Buhun siminti da rabi ya tafi a banza, ga tsadar da siminti ya yi.

Baba, tsohon maginin da nake bi, da ya zo bai ko taɓa cokali ba. Tsinken tsintsiya ya karya ya zura. A ƙasa da ƙyar ya shiga, a sama kuwa har ɗan yatsana ya shige.

"Yaro, ina ta fi faɗi?"

"Sama, Baba."

"Kanta ina ya karkata?"

Na nuna kwana. Ya ce to can ƙasa ta zauna: tsagar da ta kwanta a karkace, kanta na sama wajen da ya nutse yake nufa. Muka shiga ciki, ga ta nan daidai wurin, wato ta ratsa bulon gaba ɗaya. Ya ce da ƙananan tsaga ne barkatai a fuskar filasta, sai a ce siminti ya yi yawa ko iskar hunturu ta busar da shi da wuri, a ƙwanƙwasa a ji ko ya saki bango. Wannan kuwa ciwon harsashi ne.

Muka zagaya baya. Ashe indararo ne ke zuba ruwansa a gindin kwanar, har ya haƙa ɗan gurbi, ƙasar wurin ta yi laushi tuɓus.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne jira. Baba ya hana a liƙe. Muka sa fayif ya kai ruwan kwata, muka tona ƙarƙashin harsashin gaɓa-gaɓa, kowace ba ta wuce mita 1 ba, sai kankaren wannan ya kama a tona ta gaba. Kada wani ya yi gigin tonewa a lokaci guda, bangon zai biyo shi. Sannan Baba ya shafa siririn siminti ya haɗa leɓɓan tsagar a wuri uku, ya rubuta kwanan wata da ƙusa. In bango na motsi, wannan shafin zai fara darewa.

Ruwan Agusta ya zo ya wuce. Yau na duba, ko ɗaya bai tsage ba. Na ce gobe sai liƙi, Baba ya ce a'a, sai ƙasa ta bushe ta tsuke, mu ga abin da rani zai yi tukuna. Mai gida dai sai cika yake yana batsewa.