Abin da shugabana ya kamata ya sani game da ciwona, da abin da ba nasa ba

Karon farko da na nemi hutun rashin lafiya mai tsawo, na rubuta wa shugaban sashenmu imel mai sakin layi biyar. Na faɗa masa cewa likita ya ce ina da ciwon damuwa, na ambaci sunan maganin da aka ɗora ni a kai, har da yawan daren da na yi ban runtsa ba. Babu wanda ya tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tsoro ne ya sa ni zuba, don ina ganin in ban buɗe cikina duka ba za a ce lalaci ne. An ba ni mako biyun da na nema. Amma ya tura imel ɗin yadda yake zuwa ofishin kula da ma'aikata, ya kuma saka mataimakinsa a ciki domin a raba aikina. Wata shida bayan na warke sarai, aka ba wani aikin da na daɗe ina jira, aka ce mini: "Ba ma son mu ɗora maka nauyi." Ba na jin mugunta ce. Tausayi ne, kuma tausayin ya ci mini shekara guda.

Abin da na gane daga baya shi ne, tambayar likita daban, ta mai aiki daban. Likita yana tambayar mene ne ke damunka. Mai aiki kuwa abu uku ne a gabansa: shin da gaske ba za ka iya aiki ba, har zuwa yaushe, kuma in ka dawo mene ne ba za ka iya yi ba. Sunan cuta ba ya amsa ko ɗaya. Mutum biyu na iya samun cuta iri ɗaya, ɗaya ya dawo bayan kwana uku, ɗaya ya yi wata biyu. Abin da sunan ke yi kawai shi ne ya ba mai sauraro damar yin nasa hasashen, da ɗan abin da ya taɓa ji game da cutar a bakin mutane.

Dokokin ƙasashe da dama a kan wannan bambancin aka gina su. A Jamus, shaidar likita da ke isa ga mai aiki tana nuna ranar da rashin lafiyar ta fara da ranar da ake sa ran ƙarewarta, ba ta ɗauke da sunan cutar. Asusun inshorar lafiya ne ke ganin wannan. A Amurka, dokar hutun iyali da rashin lafiya ta 1993 ta ba ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa har mako 12 ba albashi. Mai aiki na iya neman shaidar likita, amma ba dole ba ne likitan ya rubuta sunan cutar, kuma shugaban da ke kanka kai tsaye ba shi da izinin tuntuɓar likitanka. Birtaniya ta ɗan bambanta: kwana 7 na farko maganarka ta isa, bayan haka sai takardar likita, wadda ke da gurbin rubuta ciwon. Saboda haka kafin ka rubuta komai, karanta takardar sharuɗɗan aikinka ka ga bayan kwana nawa ake neman shaida, kuma wa ake miƙa wa.

Karo na biyu tiyata ce, ta cire maɗaciya. Wannan karon na fara da likitan. Na ce masa: "Likita, don Allah takardar da zan kai wurin aiki, a rubuta abin da ba zan iya ba da tsawon lokacin, a bar sunan ciwon." Bai yi mamaki ba, da alama ya saba jin haka. Ya rubuta cewa ina ƙarƙashin kulawarsa, za a yi mini aiki a rana kaza, ba zan iya zuwa aiki ba na mako biyu, sannan na ƙarin mako huɗu kada in ɗaga abin da ya wuce kilo 5.

Nan ne na lura da wani abu da mutane ke mantawa. Takarda na iya tona asiri ko da ba a rubuta cutar ba. Kan takardar da hatimin da ke ƙasa suna ɗauke da sunan sashen asibitin. Tawa ta sashen tiyata ce, ban damu ba. Amma wanda takardarsa ta fito daga sashen masu taɓin hankali, ko na ciwon daji, ko na matsalar haihuwa, hatimin ya riga ya yi magana a madadinsa. Ana iya roƙon a yi ta a kan takardar asibitin gaba ɗaya, ko kuma likitan da ke duba ka yau da kullum ya rubuta ta bisa rahoton ƙwararren.

Takardar na kai ta ofishin kula da ma'aikata hannu da hannu, na tambayi wa da wa za su gan ta, da inda za a ajiye ta. Shugabana kuwa layi huɗu ya samu: za a yi mini aikin da likita ya tsara, zan tafi ranar kaza in dawo ranar kaza, takardar likita tana ofishin ma'aikata, ga jerin ayyukan da ke hannuna da wanda zai riƙe kowanne. Da muka haɗu ya tambaya, kamar yadda kowa zai tambaya: "Lafiya dai? Me ke faruwa?" Na ce: "Ranka ya daɗe, abu ne da likitoci suka san kansa, in Allah ya yarda mako biyu zan dawo. Abin da zai shafe ku shi ne ɗaga kaya bayan na dawo." Ya yi mini addu'a, muka koma maganar rabon aiki. Na daɗe ina zaton ƙin faɗa rashin kunya ne. Ashe yawancin masu tambayar gaisuwa suke yi, kuma amsa mai ladabi ta ishe su.

Abin da ban yi ba shi ne ƙirƙiro wata cuta. Na san abokin aiki da ya ce ciwon baya ne don ya ɓoye abin da ke damunsa, sai takardar likita ta zo da wani zance. Daga ranar aka daina maganar lafiyarsa, aka koma maganar ko za a iya yarda da shi.

Akwai inda taƙaitawar ba ta isa. Direba ko mai aiki da injin da aka ɗora a kan maganin da ke sa barci, ko wanda ya fara faɗuwa irin ta farfaɗiya, dole wani a wurin aikin ya sani, don ran wasu na hannunsa. Haka cuta mai yaɗuwa kamar tarin fuka, inda ake bukatar duba waɗanda suka zauna kusa da kai. Sai kuma ciwon da ke tafiya yana dawowa: in za ka riƙa ɓacewa kwana biyu kowane wata, ko kana son a sauya maka lokacin shiga, shirun zai sa a rubuta ka a cikin masu fashin aiki. A nan sai a ƙara bayani, amma ga likitan ma'aikata in akwai, ko ga mutum ɗaya a ofishin ma'aikata, a rubuce: sau nawa yake tasowa, kwana nawa yake ɗauka, wane sauƙi kake nema.

Na dawo daga tiyatar a ranar da na faɗa. Mako huɗu wani ya riƙa ɗaukar mini akwatunan fayil, ranar da wa'adin ya cika na ci gaba da ɗauka da kaina. Shugaban nan har ya bar wurin bai san ko wane sashe na jikina aka yanka ba. Maganar ciwon damuwar kuwa, shekara huɗu bayan na daina shan magani, wani sabon ma'aikaci da bai taɓa ganina ina rashin lafiya ba ya tare ni a matakala ya tambaye ni, cikin sassauta murya, ko yanzu ina samun barci.