Kalma ɗaya a imel ta jawo mana sarƙar babur 300 da ba mu nema ba

Ni ne mai rubuta wa kawuna imel a shagonsa na kayan gyaran babur da aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a Suame Magazine, nan Kumasi. Alhaji na jin Hausa da Twi da ɗan Turancin kasuwa, amma rubutu sai ni, tunda ni na yi boko. Kusan duk kayanmu daga Guangzhou suke zuwa, kuma wadda muke magana da ita a can wata 'yar Sin ce, Turancinta na makaranta ne tsab amma iyakarsa ke nan, abin da ya shige mata duhu sai ta zuba a manhajar fassara.

To wata rana ta turo takardar farashi mai kaya uku: filogi 2,000 a kan dala 1,000, wayar birki 1,000 a kan dala 600, sai sarƙa saiti 300 a kan dala 1,200. Jimla 2,800. Na karanta wa Alhaji, ya ce "yaro, sarƙa muna da ita jibge a sito tun bara, gaya mata ta cire, sauran biyun ta kawo". Na ce to Kawu. Ga abin da na rubuta, har yau yana cikin wayata:

"We're good on the chains for now. Go ahead with the rest."

A kaina wannan magana a fili take, mun wadatu da sarƙa, ba ma so. Haka na saba jin Amurkawa na faɗi idan an miƙa musu abu ba sa buƙata. Ita kuwa "good" ta gani kusa da "chains", sannan ta ga "go ahead", kuma duk inda aka koya mata Turanci "good" amincewa ce. Sai ta fahimci farashin sarƙa ya yi mana, sauran ma a ci gaba. Wallahi in ka zauna ka duba da idon wanda bai tashi da wannan salon ba ita ce ta karanta daidai, don babu kalma ko ɗaya a jimlar da ke cewa a cire wani abu.

Ta amsa da "Ok dear friend, noted". Na ɗauka an gama. Alamar da ta biyo baya ita ce ta fi ci min rai, don a gabana ta wuce. Kafin alƙalami kashi 30 cikin 100 ake biya, ragowar sai kaya sun haɗu. Da an cire sarƙa jimla 1,600 ce, kafin alƙalami 480. Ita 840 ta nema, wato kashi 30 na 2,800. Ranar shago ya cika, na tura wa mai biya mana kuɗi adadin ban yi lissafi ba. Sai da takardar jerin kaya ta zo, an riga an ɗaure katan-katan an kai wurin masu haɗa kwantena, sannan na ga sarƙa 300 a ciki. Na rubuta mata, ta turo min hoton imel ɗina ta ja layi a ƙarƙashin "good". Me zan ce? Muka biya. A tashar jiragen ruwa ta Tema ma muka biya kwastan a kan kayan da ba mu so, kuɗin Alhaji ya kwanta a sito wata da watanni. Bai yi min faɗa ba, ya dai ce "da Hausa ka gaya mata da ta fi ganewa", kuma shirun da ya yi bayan nan ya fi min faɗa zafi.

Abin da na gane daga baya shi ne, karin magana manya irin "the ball is in your court" ba su ne suka fi haɗari ba. Wanda ya ga ana zancen ƙwallo a imel na kayan babur zai san akwai wani abu, zai tsaya ya tambaya. Masu cutar su ne ƙananan kalmomi na yau da kullum da kowa ke ganin ya sani, sai an haɗa su ma'ana ta juye. "Hold off" dakatarwa ne, amma mai karatu zai ga "hold" ya ce a ajiye muku kaya kuke so. "Call off" sokewa ne, shi kuma yana jiran kiran waya. Mu ma a Hausa haka ne ai. Ɗan Asante da ya koyi Hausa a Aboabo ya san "ci" sarai, ya san "fuska", amma ce masa "ya ci min fuska" ko "ya ci amana" ka ga yadda zai tsaya yana kallonka. Mu ba ma jin su a matsayin salon magana saboda da su muka tashi, Bature ma haka yake da nasa, ni kuma na kwaso nasu na zuba wa wadda ba ta da hannu a ciki.

Sai Turancinmu na Ghana, wanda ba ma ma sanin namu ne. "Next tomorrow" a wurinmu jibi ne, a Guangzhou ba shi da ma'ana. "Dash us ten pieces" gyara muke nema, wanda bai zauna Afirka ta Yamma ba ba zai gane ba. Yanzu rana da adadi nake rubuta ta, wata kuma da sunansa, kamar "4 March", don 4/3 a wurinmu 4 ga Maris ne, a wurin wanda ya koyi tsarin Amurka 3 ga Afrilu, su 'yan Sin kuma da shekara suke farawa, sai wata, sai rana.

Da yau ne zan rubuta wancan imel, ga yadda zai fita:

"Please remove the chains from this order. We do not want chains. We want 2,000 spark plugs and 1,000 brake cables. The new total is USD 1,600. Please send a new invoice."

Kowace jimla abu ɗaya ta ɗauka, kalmar aiki guda ce mai ma'ana ɗaya, kuma na faɗi cirewar sau biyu da gangan. Na sa jimlar kuɗi da kaina saboda ko Turanci ya ɓace adadi ba ya ɓacewa. Sannan ba "ok" nake jira ba, sabuwar takarda nake jira, in ta zo da 1,600 mun fahimci juna, in ta zo da 2,800 na kama kuskure tun kafin ko sidi ɗaya ya fita. Kalmomin sana'a irin FOB da CIF kuwa ba na taɓa su, waɗannan ta fi ni saninsu, in na ce zan sauƙaƙa su ma rikita ta zan yi.

Akwai kuma tambayar da ke da "ba" a cikinta, ita ma na daina. Na taɓa rubuta "You haven't shipped yet?" aka ce min "Yes", na rasa ko an tura ko ba a tura ba. Ashe irin amsarmu ce, in aka ce maka "ba ka ci abinci ba?" sai ka ce "eh", wato ban ci ba, Bature kuma a nan "no" zai ce. Yanzu "What date did you ship?" nake tambaya, dole amsar ta zo da rana.

Wani abokina mai shagon taya ya ga imel ɗina ya ce ya bushe da yawa, kamar ina ba ta oda. Na fahimce shi, mu mutanen gaisuwa ne, ni ma ba na jin daɗin fara magana babu sallama. Gaisuwar tana nan, layi ɗaya a sama ina tambayar lafiyarta da ta iyalinta, godiya a ƙasa, tsakiyar da kuɗin Alhaji ke ciki ita nake bari fili. Kafin in tura kuma sai in fassara wa Alhaji da Hausa kalma bayan kalma, duk inda na ji kaina ina cewa "wato abin da ake nufi shi ne..." to nan nake gogewa in sake. Makon jiya ma na kama "by Friday" a haka, ya tambaye ni ranar Juma'ar ko kafin ta, na mayar da shi "on or before" na sa kwanan wata.